Ƙarfin kalmar sirri: me ake aunawa, kuma me ya sa jerin kalmomi ya fi gajeriyar kalma mai alamomi?

"Assalamu alaikum. Kusan duk shafin da na shiga sai a ce kalmar sirrina ta kai haruffa takwas, da babban baƙi da lamba da alama. Amma wani abokin aikina ya ce wannan tsohon yayi ne, wai kalmomi biyar ko shida na yau da kullum sun fi ƙarfi saboda wani abu da ya kira entirofi. Mene ne entirofin nan, kuma ta yaya kalmomin da kowa ya sani za su fi wadda ni kaina da ƙyar nake tunawa?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka yana da gaskiya, amma da sharaɗi guda, kuma sharaɗin nan ne mutane da yawa suke tsallakewa: dole ne a ce ba kai ka zaɓi kalmomin da kanka ba. Sai mun fara da abin da ake aunawa kafin dalilin sharaɗin ya fito fili.

Ka ɗauki kwaɗon jakar tafiya mai lambobi uku. Kowane gurbi yana da lamba goma, daga 0 zuwa 9, don haka hanyoyin da za a iya jera su 10 × 10 × 10 ne, wato 1,000. Wanda ya zauna da haƙuri zai buɗe shi a zama ɗaya. Idan aka ƙara gurbi na huɗu, hanyoyin sun zama 10,000, wato gurbi ɗaya tak ya ninka aikin ɓarawo sau goma. Entirofi shi ne ma'aunin wannan yawan: hanyoyi nawa ne mai son buɗewa zai bi kafin ya tabbatar ya dace da naka. Tun da lambobin kan yi girma ƙwarai, ana ƙirga su da bit, bisa tsarin da Claude Shannon ya shimfiɗa a 1948. Kowane bit guda yana nufin an ninka yawan hanyoyin sau biyu. Bit 10 hanyoyi 1,024 ne, bit 20 ya ɗan haura miliyan ɗaya, bit 30 ya ɗan haura biliyan ɗaya, bit 40 kuwa ya haura tiriliyan ɗaya. Abin riƙewa shi ne duk bit goma da aka ƙara ya ninka aikin kusan sau dubu, saboda haka bit 60 ya fi bit 30 wahala sau biliyan, ko da yake a ido kamar ninki biyu ne kawai.

Idan an zaɓi kowane harafi a kan dace, ba tare da son ran mutum ya shiga ba, lissafin shi ne:

```
H = L × log2(N)
```

A nan H shi ne entirofin a ma'aunin bit, N shi ne yawan abubuwan da ake zaɓa daga cikinsu, L kuma sau nawa aka zaɓa, log2(N) kuwa yawan bit ɗin da zaɓi ɗaya yake bayarwa. Allon rubutu na Ingilishi yana da ƙananan baƙaƙe 26, manya 26, lambobi 10, alamomi 32 da kuma fili, jimilla 95. Kowane zaɓi daga cikin 95 yana ba da bit 6.57, don haka haruffa takwas suna ba da kusan bit 52.6, wato hanyoyi kimanin tiriliyan 6,600. To amma dubi abin da yake faruwa idan aka bar manyan baƙaƙe da alamomi gaba ɗaya, aka yi amfani da ƙanana 26 kaɗai, aka ƙara tsawo zuwa 12. Kowane baƙi bit 4.7 ne, goma sha biyu sun ba da bit 56.4, sun wuce waccan mai cike da alamomi sau goma sha huɗu. Dalilin yana cikin lissafin kansa. Tsawo yana ninka sakamakon kai tsaye, yawan nau'in haruffa kuwa sai ya bi ta log2 ya ragu ƙwarai kafin ya yi tasiri. Idan kana da haruffa takwas na baƙaƙe da lambobi, ƙara dukkan alamomin allon a cikin abin zaɓi bit biyar kawai zai ƙara maka, alhali harafi ɗaya da ka ƙara a tsawo yana ba da kusan shida.

Inda lissafin yake yaudara

Duk abin da na faɗa a sama ya dogara ne da cewa na'ura ce ta yi zaɓin. Mutum ba ya zaɓa a kan dace. Idan shafi ya ce a sa babban baƙi, yawancinmu na farkon muke mayarwa babba. Idan ya ce a sa lamba, shekara ce ko 1 ko 123, kuma a ƙarshe. Idan ya ce alama, alamar motsin rai ce ko `@` a madadin a. Entirofi yana auna hanyar da aka bi aka samar da kalmar sirri ne, ba kamanninta ba, kuma masu fasa kalmomin sirri sun san hanyoyinmu fiye da yadda muke zato. A 2009 an kutsa wa kamfanin RockYou aka kwashe kalmomin sirri kusan miliyan 32 da aka ajiye a fili ba tare da an ɓoye su ba. Wadda ta fi yawa a ciki ita ce `123456`. Jerin da aka tace daga wannan satar, mai ɗauke da kalmomi mabambanta kusan miliyan 14, har yau yana cikin abubuwan farko da ake ɗora wa manhajar fasa kalmar sirri, kuma bayansa an yi wasu sace-sacen da suka fi shi girma.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani ya sa `D@min@24!` a matsayin kalmar sirrinsa. Haruffa tara ne, akwai babba, akwai lambobi, akwai alamomi, kuma ma'aunin ƙarfi na shafuka da yawa zai haska masa kore. Idan aka sa ta a lissafin sama, za ta ba da bit 59. Sai dai ba haka aka samar da ita ba. Mai ita ya ɗauki kalma ɗaya ce da aka sani, damina, mu ce daga cikin kalmomi da sunaye 20,000 da mutane suka fi amfani da su, wato bit 14.3. Mayar da baƙin farko babba ko barinsa zaɓi biyu ne, bit 1. Musanya baƙaƙe da alamomi, mu yi masa karamci mu ce salo takwas ne, bit 3. Lambobi biyu a ƙarshe hanyoyi 100 ne, bit 6.6. Alama ɗaya daga 32, bit 5. Jimilla ba ta kai bit 30 cif ba, wato hanyoyi kimanin biliyan ɗaya.

A cikin aikina na gwada tsaron ma'aikatu, da izinin masu su, irin wannan ce take fara faɗuwa. Manhajoji irin su Hashcat da John the Ripper suna karɓar jerin kalmomi tare da dokokin sauya su. Dokar da take samar da misalinmu a Hashcat layi ɗaya ce:

```
c sa@ $2 $4 $!
```

Harafin `c` yana mayar da baƙin farko babba, `sa@` yana musanya kowane a da `@`, sauran ukun kuma suna liƙa 2 da 4 da alamar a ƙarshe. Ana zuba dubban irin waɗannan dokoki a fayil ɗaya, manhajar ta bi kowace kalma ta gwada mata su duka. Abin da ya ɗauki mai kalmar tunani, har yana ganin ya yi wayo, a wurin manhajar layi ne da wani ya rubuta shekaru da suka wuce.

Saurin gwajin ya danganta da inda ake yinsa. Idan maharin yana gwadawa ne a shafin shiga, shafin kirki zai tsayar da shi bayan 'yan kurakurai, kuma shi ya sa lambar katin cirar kuɗi mai gurbi huɗu, wadda ba ta kai bit 14 ba, take wadatarwa: ana toshe katin bayan kuskure kaɗan. Haɗarin gaske yana zuwa ne idan an sace rumbun bayanan shafin. Shafukan kirki ba sa ajiye kalmar sirri yadda take, sai dai su ajiye hash ɗinta, wato sakamakon wani lissafi da ba a iya juya shi baya. Ɓarawon yana kai fayil ɗin kan na'urarsa, ya riƙa ƙirƙiro kalmomi yana lissafa hash ɗinsu yana kwatantawa, babu mai tsayar da shi. Idan shafin ya yi amfani da tsohon tsari mai sauri irin MD5, katin hoto na kwamfuta, wato GPU, guda ɗaya mai ƙarfi na wannan zamani yana iya gwaji sama da biliyan 100 a daƙiƙa. Da wannan saurin, biliyan ɗayan misalinmu ya ƙare a kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Idan shafin ya yi amfani da tsarin da aka gina don ya yi jinkiri da gangan, irin bcrypt ko Argon2, mu ce gwaji 10,000 a daƙiƙa, aikin zai kai kimanin awa 30. Wannan ya fi, amma kai ba ka da ikon sanin wanne shafin ya zaɓa, don haka hikima ita ce ka yi lissafi da mafi muni.

Yadda jerin kalmomi yake samun ƙarfinsa

A 1995 Arnold Reinhold ya fito da wata hanya da ya kira Diceware. Ana tanadar jerin kalmomi 7,776, kowacce da lambarta mai gurbi biyar daga 11111 zuwa 66666. Sai ka jefa ɗan ludo mai fuska shida sau biyar, ka rubuta abin da ya fito, ka duba kalmar da take kan wannan lambar. Adadin 7,776 ya fito ne daga 6 × 6 × 6 × 6 × 6. A 2016 ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta fitar da nata jerin mai adadi iri ɗaya, da kalmomin da suka fi sauƙin tunawa da rubutawa. Kowace kalma da aka samu ta wannan hanya tana ba da bit 12.9, kusan daidai da haruffa biyu da aka zaɓa a kan dace daga cikin 95.

A nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Lissafin nan an yi shi ne da ɗaukar cewa maharin ya san komai: yana da jerin kalmomin a hannunsa, ya san guda nawa ka ɗauka, ya san da fili ka raba su. Abin da bai sani ba shi ne abin da ɗan ludon ya nuna, kuma wannan kaɗai ya isa. Sanin da kowa ya yi wa kalmomin bai rage komai ba, kamar yadda sanin lambobi goma bai buɗe kwaɗo ba.

Mu auna da saurin nan na biliyan 100 a daƙiƙa. Kalmomi huɗu bit 51.7 ne, ana gama gwada dukkan hanyoyinsu a kimanin awa 10. Haruffa takwas da na'ura ta zaɓa daga 95, masu bit 52.6, suna ɗaukar kimanin awa 18. Ka ga ke nan kalmomi huɗu ba su fi su ba, kuma duk wanda ya ce maka kowane jerin kalmomi ya fi kowace gajeriyar kalma ya yi azarɓaɓi. Amma kalma ta biyar tana ninka aikin sau 7,776, ta kai shi bit 64.6, kimanin shekara tara. Ta shida ta kai shi bit 77.5, kimanin shekara 70,000. A matsakaici maharin yakan dace a rabin hanya, to ko an raba biyu, ko an ce ya tara katunan hoto ɗari, shida ɗin suna nan da ƙarfinsu.

Kalmar sirri mai haruffa 12 da na'ura ta zaɓa tana da bit 78.8, kusan daidai da kalmomi shida. A lissafi kunnen doki suka yi. Bambancin yana wurin ɗan Adam. Haruffa goma sha biyu marasa ma'ana abu goma sha biyu ne da ƙwaƙwalwa za ta riƙe, har da tuna wanne ne babba, ina alama ta faɗo. Kalmomi shida abu shida ne, kuma kowanne yana da hoto a zuciya. Jeri irin `tsani gajimare kujera rairayi agogo fitila` za ka iya ƙulla masa ɗan labari a ranka, ka maimaita shi na 'yan kwanaki ya zauna (wannan misali ne kawai, tun da an buga shi a nan bai kamata kowa ya yi amfani da shi ba). Wanda aka tilasta wa haddace haruffa masu wuya kuwa, abin da yakan yi shi ne ya koma ga salon `D@min@24!`, ya sami wahalar tunawa ba tare da ya sami ƙarfin ba. A ganina wannan ne babban laifin dokar babban baƙi da lamba da alama, domin ta koya wa mutane su wahalar da kansu a wurin da na'ura ba ta wahala.

Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, wadda ma'aikatu da yawa suke kwaikwayon ƙa'idojinta, ta sauya matsayi a kan wannan a 2017. A cikin takardarta SP 800-63B ta ce kada a tilasta cakuɗa nau'o'in haruffa, kada a tilasta canza kalmar sirri lokaci-lokaci sai in akwai alamar an sace ta, a bar mutane su rubuta aƙalla haruffa 64, kuma a riƙa kwatanta sabuwar kalma da jerin waɗanda aka san sun fallasa. A shekarar ce kuma Bill Burr, wanda ya rubuta tsohuwar shawarar hukumar, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa ya yi nadamar yawancin abin da ya rubuta. Shafukan da kake gani suna nan a kan tsohuwar doka ba su sabunta ba ne kawai.

Sharaɗin da na ambata

Kuskuren da na fi gani a wurin waɗanda suka ji labarin jerin kalmomi shi ne su ɗauki karin magana, ko baitin waƙa, ko wata sananniyar jimla, su ce ai ta kai haruffa talatin. Tsawonta ba ya taimaka mata, domin zaɓi ɗaya aka yi, ba shida ba. Ko da a ce akwai sanannun jimloli miliyan ɗaya da mutum zai iya ɗauka, bit 20 ke nan, ƙasa da misalinmu na damina. Masu fasawa suna tattara irin waɗannan jimloli daga abin da aka wallafa a intanet su zuba a jerinsu. Jimlar da ka ƙirƙira da kanka ta fi wannan, amma ita ma nahawu yana rage mata ƙarfi, saboda a harshe kowace kalma tana nuna wadda za ta biyo ta, kuma babu hanyar da zan iya lissafa maka bit nawa ta rage.

Ko wanda ya yi amfani da ɗan ludo yana iya ɓata aikinsa. Idan ka yi ta sake jefawa har sai ka sami jerin da ya yi maka daɗi, ka ɗauki ɗaya daga cikin takwas, ka iya yin asarar bit uku. Idan ka sake tsara kalmomi shida don su yi ma'ana, akwai hanyoyi 720 na jera su, kuma asarar tana iya kaiwa bit tara da rabi, kusan kashi uku cikin huɗu na kalma guda. Ka karɓi abin da ya fito yadda ya fito.

Akan tambaye ni ko yin amfani da kalmomin Hausa yana ƙara tsaro, tun da jerin maharan galibi na Ingilishi ne. Yana iya sa ka tsira daga zagayen farko na gwaji, amma ba na sa shi a lissafi, domin wanda ya nufe ka zai nemo ƙamus. Amfanin Hausa shi ne sauƙin tunawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan za ka haɗa naka jerin, ka ƙirga shi da gaskiya: jerin kalmomi 2,048 yana ba da bit 11 a kowace kalma, don haka sai ka ɗauki bakwai kafin ka kai bit 77. Ina kuma ba da shawarar a guji ƙ da ɗ da ɓ a kalmar sirri, saboda ranar da za ka shiga daga wata na'urar da ba ta da su a allonta, ko shafin da bai karɓe su daidai ba, za ka tsaya a waje.

Akwai abubuwan da entirofi ba ya maganinsu ko kaɗan. Idan aka yaudare ka da shafin bogi ka rubuta kalmarka da hannunka, bit 77 da bit 7 duk ɗaya ne. Haka idan akwai muguwar manhaja a na'urarka tana naɗar abin da kake bugawa. Mafi yawan faruwa kuma shi ne maimaita kalma ɗaya a wurare da dama: shafi ɗaya mai sakaci ya ajiye ta a fili, a sace, a je a gwada ta a imel ɗinka da asusun bankinka. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya buɗe a 2013, yana nuna maka ko adireshin imel ɗinka ya bayyana a sace-sacen da aka sani.

Saboda haka abin da nake ba mutane shawara, kuma nake yi, shi ne a haddace jeri biyu ko uku kawai, kowanne mai kalmomi shida daga ɗan ludo: ɗaya na manhajar ajiye kalmomin sirri, ɗaya na babban imel ɗin da ake dawo da sauran asusu ta cikinsa, ɗaya na buɗe kwamfuta. Sauran shafuka a bar wa manhajar ta ƙirƙiro musu haruffa 16 ko 20, kowanne da nasa, tun da ba kai za ka tuna su ba. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a duk inda aka samu. A makon farko ka rubuta jerin a takarda ka adana a wurin da kake adana muhimman takardunka, ba laifi ba ne. Idan kuma shafi ya dage sai da babban baƙi da lamba da alama, ka mayar da baƙin farko babba, ka liƙa `7!` ko makamancinsa a ƙarshen jerinka don ya karɓa, amma kada ka ƙirga su cikin ƙarfinta. Idan ya taƙaita tsawo zuwa haruffa 12 ko 16, jerin kalmomi ba zai shiga ba, sai ka bar manhajar ta cike gurbin gaba ɗaya da haruffan da ta zaɓa a kan dace.